Tarin ƙanin maigidana ya haura wata guda, an ce sanyin Jos ne

Maman Sadik: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema. Ƙanin maigidana da ke zaune tare da mu a Rikkos, saurayi ne ɗan shekara 24, yana tuƙa keke tsakanin Farin Gada da Taminus. Tari ya kama shi tun farkon shigowar hunturu, yanzu ya haura wata guda. Ya je kemis an haɗa masa magani, ya ɗan lafa, ya dawo. An sake haɗa wani, haka. Abin da ya tayar min da hankali, wandunansa duk sun yi masa yawa, abinci sai ya tsakura ya ture, kuma da asuba in na je ɗauko kwanonsa a ɗakin zaure sai in ga zanin gadonsa jiƙe da gumi, a wannan sanyin da mu muke rufa da bargo biyu. Maigidan ya ce ƙurar titi ce. Ni dai ina da yara ƙanana. Me ya kamata mu yi?

Goggon Yara: Wa'alaikumus salam. 'Yata sanyi ne ya shige shi, duk mai fita da keke tun asuba haka yake fama. Ki dafa masa citta da kanumfari da masoro ki zuba zuma, ya daina shan ruwan sanyi, ya riƙa ɗaura mayafi a wuya. Allah ya ba shi lafiya.

Baban Ilham Mai Kemis: Hajiya tambaya ɗaya, yana fitar da jini in ya yi tarin? In babu jini kada ki tsorata kanki. Wannan lokacin a cikin mutum goma da ke shigowa shagona rabi tari ne ya kawo su, kuma kusan duk mura ce da ƙura. A ba shi maganin ƙwayoyin cuta mai ƙarfi irin su sifro na kwana bakwai. In bai tsaya ba sai a je a ɗauki hoton ƙirji.

Sista Mai Dots: Salamu alaikum. Maman Sadik, ni a sashen masu tarin fuka nake aiki a wani ƙaramin asibitin gwamnati nan cikin gari, don haka bari in faɗa miki kai tsaye: gobe ya je a gwada kakinsa. Ƙa'idar da muke bi ita ce duk wanda tarinsa ya kai mako biyu, a gwada shi, ko da babu wata alama tare da shi. Shi kuma ga rama, ga gumin dare, ga rashin cin abinci. Ban ce tarin fuka ne ba, gwaji ne zai faɗa. Amma ya daɗe da wuce inda za a ce a jira a gani.

Baban Ilham, gaskiyarka cewa yawancin tarin hunturu mura ne, amma tarin mura ba ya kai wata yana ramar da mutum. Batun jini kuwa, don Allah a daina sa shi ma'auni. Yawancin waɗanda nake ba magani ba su taɓa ganin jini a kakinsu ba. Jinin yakan zo ne bayan cutar ta riga ta yi rami a huhu, wanda ya zauna jiransa ya gama rabawa mutanen gidansa.

Sifro kuma shi ne abin da na fi roƙo kada a ba shi. Shi da danginsa, irin su lebofuloksasin, suna taɓa ƙwayar tarin fuka kaɗan. Sai tari ya lafa, mutum ya ɗauka ya warke, ya ƙara wata guda a gida, in ma ya zo gwaji ƙwayar ta ragu a kaki har ta iya ɓuya. Ga shi lebofuloksasin ɗin yana cikin magungunan da muke taƙama da su in cutar ta bijire wa maganin farko. Ina zargin irin abin da ya faru da yaron nan ke nan, da aka ce ya lafa ya dawo.

Baban Ilham Mai Kemis: To Sista ai mu da haka aka koya mana, a fara gwada maganin limoniya, in ya ƙi sannan a tura asibiti. Kuma mutane tsoron kuɗin gwaji suke yi.

Sista Mai Dots: An yi wannan zamanin, lokacin da madubin ƙara girma kaɗai gare mu. Yanzu akwai na'urar GeneXpert mai gano ƙwayar tarin fuka a kaki, gwajin ne ke zuwa farko. Kuma gwajin kaki da maganin duk kyauta ne a wuraren da ka ga an rubuta DOTS. Wanda bai san na kusa da shi ba ya kira 3340, layin kyauta ne na hukumar yaƙi da cutar. In asibitin ba shi da na'urar, karɓar kakin ake yi a aika inda take.

Maman Sadik: Na gode Sista. Yaya ake yin gwajin, jini za a ɗiba? Don shi akwai tsoron allura.

Sista Mai Dots: Babu allura a gwajin kaki. Za a ba shi 'yar roba mai murfi. Ya kurkure baki da ruwa zalla, ya fita waje inda iska ke kaɗawa, nesa da mutane, kada ya shiga banɗaki ya yi. Ya ja numfashi mai zurfi ya riƙe ya saki kamar sau uku, sannan ya yi tari daga can cikin ƙirji ya tofa. Abin da ake so mai kaurin nan ne da ke fitowa daga ƙasa, kamar cikin ƙaramin cokali ya isa. Na farkon tashi da asuba ya fi kyau don ya kwana yana taruwa. Ita na'urar kamar awa biyu take ɗauka, amma da layi da aike sakamako kan kai kwana ɗaya zuwa uku.

Inda jini ya shigo shi ne za a nemi izininsa a tsaga yatsa a duba ƙanjamau. Ki gaya masa tun daga gida don kada ya ga kamar zarginsa ake yi. Kowa ake yi wa, don mai ƙanjamau tarin fuka ya fi saurin kama shi, kuma shi ba a jira masa mako biyu, tarin kwana ɗaya ma ko zazzaɓi ya isa a gwada shi.

Tsohon Ɗan Kuza: Ni na yi wannan ciwon, babu abin ɓoyewa. Na yi shekaru ina shiga rami a wajen Barikin Ladi. Da na fara tari kowa cewa yake ƙurar kuza ce, kuma ashe duka biyun ne, ƙurar ta riga ta cinye min huhu sannan tarin fuka ya hau kai. Na sha magani wata shida, an ce na warke, amma har yau in na hau tudun Gangare sai na tsaya na huta. Sista ni tambayata, tunda har yanzu ina tari da safe, ko ya dawo ne? In je a sa ni a wannan na'urar?

Sista Mai Dots: Baba, in tarin ya canza daga yadda kuka saba, ko kun fara rama ko zazzaɓi, ku zo. Amma ku gaya wa duk wanda zai karɓi kakin cewa kun taɓa shan magani, ku riƙo katinku in yana nan. Na'urar tana iya ganin ɓurɓushin matacciyar ƙwaya a huhun wanda ya warke, sai likita ya haɗa da hoto kafin ya yanke. Ƙurar dutse kuwa ba ta fita da magani, kuma tana sa a fi saurin kamuwa, don haka ku kam ba mutanen jira ba ne.

*Ranar Asabar*

Maman Sadik: Jama'a ya je, sakamako ya fito. An rubuta MTB NOT DETECTED, wai ba a ga ƙwayar tarin fuka ba. Maigidan har yana min dariya wai na ɗaga wa gida hankali a banza. Alhamdulillah dai.

Goggon Yara: Ba na faɗa ba? A ci gaba da citta.

Sista Mai Dots: Alhamdulillah, amma tsaya. Kin ga abin da ya tofa? Kuma yaushe ya sha maganin kemis na ƙarshe?

Maman Sadik: Na tambaye shi yanzu. Ya ce da rana ya je, tarin ya ƙi zuwa, ga mutane suna kallonsa, sai ya tara yawu ya ba su. Maganin kuma shekaranjiya ya ƙare.

Sista Mai Dots: To ba a gwada shi ba tukuna. Yawu aka gwada. Ya kamata wanda ya karɓa ya duba robar ya mayar da shi, amma in layi ya yi tsawo irin wannan na wucewa. Ya koma ya karɓi sabuwar roba ya zo da ita gida, ya yi na asuba a tsakar gida kafin yara su tashi, ya kai da safen nan. Kuma ko da kaki mai kyau ne ya ce babu, mutumin da ke da rama da gumin dare ba a sallamarsa da takarda ɗaya. Nan ne hoton ƙirjin da Baban Ilham ya ambata yake da amfani. Hoto shi kaɗai ba ya tabbatarwa, don tsohon tabo da limoniya da ƙurar kuza duk suna iya kama da juna, amma yana nuna wa likita ko ya ci gaba da bincike.

Baban Ilham Mai Kemis: Ai ka ji. Da an fara da hoton da tuni an wuce wurin.

Sista Mai Dots: Da hoton ya nuna tabo, kakin dai za a dawo nema, don shi ne zai faɗa mana ko maganin farko zai yi aiki a kansa. Kuma hoton a wurare da yawa da kuɗinka.

*Ranar Laraba*

Maman Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na biyun ya fito. MTB DETECTED MEDIUM, wato an ga ƙwayar, a ƙasa kuma RIF Resistance NOT DETECTED. Sun auna shi kilo 48, sun ba shi ƙwaya uku kullum da safe kafin ya karya. Na ƙanjamau babu. Sun ce za su zo gida, ko mu kai kowa da kowa. Jikina duk ya mutu. Na ware masa kwano da kofi da cokali, na hana yara zuwa zaure.

Sista Mai Dots: Ki kwantar da hankalinki, a cikin takardar nan akwai labari mai daɗi. Layi na biyu yana nufin ƙwayar ba ta bijire wa rifamfisin ba, ɗaya daga cikin manyan magungunan farko, wato maganin wata shida ne: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe cikin ƙwaya ɗaya, sauran wata huɗu magunguna biyu. Fitsarinsa zai koma ja kamar ruwan lemo, kada ya tsorata, maganin ne. Za a sake duba kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6. Wanda ya sha yadda aka ce yana warkewa.

Kwano da cokali kuwa ki mayar masa cikin na gida, wahalar da kanki kawai za ki yi, shi kuma ki sa ya ji kamar an tsane shi. A iska take tafiya. In ya yi tari a ɗaki rufe, ƙwayar tana iya daɗewa tana yawo bayan ya fita. Tagar ɗakinsa ta kwana a buɗe ko da sanyi, ya ƙara bargo. Ya yi zamansa na rana a tsakar gida, ya rufe baki in zai yi tari, ya sa takunkumi in zai shiga cikin mutane. In yana shan maganin daidai, bayan kamar mako biyu haɗarin yaɗawa ya ragu ƙwarai. Wanda ya riga ya wuce shi ne abin dubawa, makonnin da ya yi yana tari ba a sani ba. Lissafo min duk wanda ke kwana a gidan, da shekarunsa.

Maman Sadik: Ni da maigidan. Hajiya mahaifiyarsu, ta kusa saba'in, tana da ciwon suga. Sadik shekara 8, Ummi shekara 3, sai jaririya wata biyar. Shi ke nan.

Tsohon Ɗan Kuza: Shi kaɗai yake kwana a zauren? Gidajenmu ba a rasa wani a zaure.

Maman Sadik: Wallahi Baba kun tuna min. Akwai almajirin da ke mana aike, tunda sanyi ya shigo a ɗakin yake kwana. Zai yi shekara 12. Amma ai shi ba ɗan gida ba ne.

Sista Mai Dots: A lissafinmu shi ne na farko. Ba dangantaka muke dubawa ba. Duk wanda ya kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da mai ciwon ko da dare ɗaya ne, ko yake yawan wuni da shi a wuri rufe, a cikin wata uku kafin a fara magani, ɗan gida ne a wurinmu. Yaron nan ya fi kowa shaƙar iskar ɗakin. A rubuta shi.

Ga yadda za a yi. Kowa za a yi masa tambayoyi: tari, zazzaɓi, rama, gumin dare. A nan ba a jiran mako biyu, tunda an san ya zauna da mai ita, tari kowane iri ya isa. Wanda ya amsa e ko da ɗaya, a karɓi kakinsa. Wanda ba shi da komai, in akwai halin hoto a ɗauka, musamman Hajiya, don suga yana rage ƙarfin jiki kuma tsofaffi sukan ɗauke ta ba tare da wani tarin kirki ba. Wanda aka tabbatar ba shi da ciwon, shi ake ba maganin kariya.

Yara kuma tasu daban. Ki zo da katin awonsu. Yaro ƙarami ba lallai ya yi tari ba. Abin da muke nema shi ne nauyin da ya tsaya ko ya ragu, zazzaɓin da ke ta dawowa an yi maganin maleriya ya ƙi, yaron da ya daina wasa ya koma kwanciya, ko kaluluwa a wuya wadda ba ta zafi.

Maman Sadik: Sista kin sa gabana ya faɗi. Ummi ce 'yar ɗakinsa, in ya dawo aiki a cinyarsa take cin abinci. Sau biyu ke nan ina mata maganin zazzaɓi, kuma ta rage ƙiriniya. Na ɗauka haƙori ne ko kishin ƙanwarta. Amma ai ba ta iya tofar da kaki ba.

Sista Mai Dots: Ita ba za a ba ta maganin kariya ba sai an bincika ta sosai. Yara haɗiye kakinsu suke yi, shi ya sa yanzu ake iya sa kashinsu a na'urar. Za a ba ki roba ki kawo. Wani lokacin a manyan asibitoci irin asibitin koyarwa na JUTH akan zura siririn bututu ta hanci a ɗebo ruwan ciki da sassafe. Sai dai ki sani, ƙwayar a jikin yara kaɗan ce, sau da yawa na'ura ba ta gani alhali ciwon na nan. Don haka likita zai haɗa duka: ta zauna da mai ita, ga alamu, ga awo, ga hoto. Yana iya cewa a fara cikakken magani ko da gwaji bai nuna ba, kuma in ya faɗa kada ki ce ai takarda ta ce babu.

Abban Sadik: Salamu alaikum. Ni ne maigidan, yau aka sa ni a wannan zauren hirar. Sista na gode da ƙoƙari, batun ƙanina na karɓa, batun Ummi ma a bincika. Abin da ban gane ba shi ne na jaririya da Sadik. Lafiyarsu ƙalau, an yi musu allurar BCG ranar haihuwa, ga tabon a hannu. Don me za a ɗora wa jaririyar wata biyar magani na watanni ba ta da ciwo?

Baban Ilham Mai Kemis: Nan kam ina bayanka Alhaji. Magungunan nan hanta suke taɓawa. In sun yi rigakafi a bar su, a dai sa ido.

Sista Mai Dots: Alhaji tambayarka a kan hanya take, kusan kowane uba sai ya yi min ita. Shaƙar ƙwayar daban, kwanciya ciwo daban. Mutum na iya shaƙa jikinsa ya danne ta, ta kwanta shiru, ba ya tari ba ya yaɗawa. Kamar garwashi ne a cikin toka. A babban mutum mai lafiya, cikin ɗari da suka shaƙa, biyar zuwa goma ne za ta tashi a jikinsu tsawon rayuwa, kuma galibi a shekara biyun farko. Yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ba haka ba ne, ɗan ƙasa da shekara 2 ya fi. Jikinsa bai iya dannewa ba, tana iya tashi cikin 'yan watanni, kuma ba a huhu kaɗai take tsayawa ba, tana hawa ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Irin wannan in an makara, ko yaro ya rayu yakan bar shi da naƙasa.

BCG tana rage wannan mummunan nau'in, shi ya sa ake yin ta, amma ba ta rufe ƙofa gaba ɗaya, kuma ba ta hana babba tarin huhu. Ƙaninka ma ka duba hannunsa, wataƙila yana da tabon. Saboda haka ƙa'ida ta ce duk ɗan ƙasa da shekara 5 da ya zauna da wanda aka ga ƙwayar a kakinsa, in an duba ba shi da ciwon, a ba shi kariya, ba sai an yi gwajin fata ko na jini ba.

Na jarirai ƙwaya ce mai narkewa a ruwa, a ba ta a cokali, bisa nauyinta, kuma duk wata za a sake auna ta a gyara. Ko isoniyazid shi kaɗai kullum na wata shida, ko haɗe da rifamfisin kullum na wata uku, ya danganta da wanda ke hannu. Sadik da manya akwai wanda za ka ga an rubuta 3HP a kati, sau ɗaya a mako, sha goma sha biyu an gama. Daga shekara 2 ake ba da shi, ba a ba mai ciki.

Baban Ilham, batun hanta gaskiya ne, amma yara su ne suka fi kowa jure shi. An fi jin tsoro ga tsofaffi da masu shan giya da masu ciwon hanta. Alamar da za a lura: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu irin na shawara, amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje su feso. A dakata a kawo shi ranar. Masu jin tafin ƙafa na zafi ko sanyi kuma akwai bitamin B6 da ake haɗawa.

Uwar Biyu: Ni tambayata, me ya sa ba za a raba wa kowa maganin kariyar yau ba a huta, har da Ummin? Ai ya fi a tsaya jiran hoto da kashi, ita da ta fi kowa haɗari.

Sista Mai Dots: Don in ciwon ya riga ya tashi, magani ɗaya ko biyu ba ya kashe shi. Zai ɗan danne shi, yarinya ta ci gaba da lalacewa a hankali, ƙwayar kuma ta koyi bijire wa maganin. Shi ya sa tantancewa take gaba. Mai ciwo cikakken magani, marar ciwo kariya, ba a musanya su.

Wani abu ga mata, tunda ba kowa zai tambaya a nan ba. Mai shayarwa ta ci gaba da ba da nono, babu matsala. Amma rifamfisin da rifafentin da ke cikin 3HP suna raunana ƙwayar tazarar haihuwa da robar da ake sa wa a hannu. Mai amfani da su ta faɗa wa ma'aikaciya a keɓe kafin a zaɓa mata magani.

Goggon Yara: Ni dai na ji ana cewa daga nono ake ɗaukarsa, na shanu. Ko yaron yana shan fura a tasha?

Sista Mai Dots: Goggo akwai na shanu da ake ɗauka ta madarar da ba a tafasa ba, ba ku yi ƙarya ba. Amma mafi yawan abin da muke gani daga mutum ne zuwa mutum. Kuma ba ma ɓata lokaci wajen neman wa ya ba shi, sai dai in a gidan akwai wani mai tsohon tari da ba a kula ba.

*Bayan mako guda*

Maman Sadik: Ga inda muke. Ummi kashinta bai nuna komai ba, amma nauyinta ya ragu da kusan kilo ɗaya daga awon baya, hoton kuma likita ya ce akwai kumburin kaluluwa a tsakiyar ƙirji. Sun fara mata cikakken magani. Jaririya lafiya, an sa ta a na wata uku, Sadik a na mako-mako. Ni na zaɓi na wata shida saboda abin da Sista ta faɗa. Hoton dai da kuɗinmu muka yi, mutum uku, ya ci mana aljihu. Hajiya hotonta babu komai, amma likita ya ce sai an duba hantarta kafin ya yanke ko za a ba ta, ita kuma ta ce ƙwayoyin suga sun ishe ta.

Abban Sadik: Ni an tambaye ni, ba ni da ko ɗaya cikin alamun, hotona fes. Na yarda da na yara. Nawa ne ban ga dalili ba, tunda Sista da bakinta ta ce biyar zuwa goma ne cikin ɗari, kuma ba a ma tabbatar na shaƙa ba.

Sista Mai Dots: Ba zan ce maka dole ba Alhaji. Ga babba mai lafiya shawara ce mai ƙarfi, ni da ni ce zan sha, sha goma sha biyu ne. In kana son tabbaci akwai gwajin fata da ake karantawa bayan kwana biyu zuwa uku, sai dai ba ko'ina ake samu ba, kuma in an yi shi da wuri bayan zama da mai ciwo yana iya cewa babu alhali akwai. In ka ƙi, to sharaɗi: shekara biyu masu zuwa, duk tarin da ya zo maka ko zazzaɓin da ba ka gane kansa ba, asibiti kai tsaye, ka ce ka zauna da mai ita. Na Hajiya kuwa ko a tsakaninmu ma'aikata ra'ayi kan bambanta, suga na cewa a ba ta, shekaru na cewa a yi hattara da hanta. A bar wa likitan da ya gan ta.

Maman Sadik ba ki ce komai kan almajirin ba.

Maman Sadik: Shi ne ya rage. Ranar da ma'aikatan suka zo ya ga farar riga ya gudu, tun daga nan bai sake kwana a gidan ba. Sadik ya ce ya gan shi a bakin masallaci yana tari. Na san makarantarsu, amma ni mace ba zan je in tsaya gaban malaminsu da wannan maganar ba.

Tsohon Ɗan Kuza: Alhaji wannan naka ne. Su fa a ɗaki ɗaya suke kwana su da yawa, ƙofa rufe saboda sanyi. In za ka je ka kira ni mu tafi tare, in nuna wa malam katina ya ga ana warkewa.

Abban Sadik: Bayan la'asar gobe in sha Allahu. Sista, in malam ya yarda, yaron kaɗai za mu kawo ko har abokan kwanansa?

Sista Mai Dots: Shi kaɗai tukuna, da wani babba da zai tsaya masa. Ku biyo ta wurinmu ku karɓi roba ya yi na asuba, ɗan shekara 12 zai iya. In ya nuna, sai mu je makarantar da kanmu mu rubuta duk wanda ke kwana a ɗakin.